An Ba Ki Har Laraba

Shekara shida Sakinatu tana aikin kwantiragi, kuma duk wanda ya taɓa cin abinci da kwantiragi ya san ba aiki ba ne, zaman jiran sallama ne. Wata uku, a sabunta. Wata shida, a ce a dakata tukuna. Kamfanin da take yi wa aiki a Abuja na masu binciken ƙauyuka ne: a tura mutane gida gida su yi tambayoyi, a tattaro amsoshi, ita kuma ta zauna gaban kwamfuta ta tsefe su har su zama abin da za a iya karantawa. Ta iya aikin nan, wannan ko maƙiyinta ya shaida. Amma iyawa ba ta hana an gaya mata cewa ƙarshen watan nan kwantiraginta zai ƙare ba, kuma wannan karon ba wanda ya ambaci sabuntawa.

Shi ya sa ranar Alhamis ɗin nan da saƙo ya shigo wayarta wajen ƙarfe uku, sai da ta shiga banɗakin ofis ta karanta shi sau uku. Wata ƙungiya ce mai aikin lafiyar mata da yara, wadda ta nemi aiki a wurinta tun wata biyu da suka wuce. Gurbi ɗaya ne tak, na dindindin, da inshorar lafiya da fansho. Sun ce ta tsallake tantancewar farko, saura gwajin da za ta yi a gida. Sun haɗo mata fayil mai layi dubu huɗu na bayanan asibitoci, a hargitse da gangan: ta gyara shi, ta fitar da abin da alƙaluman ke nunawa, ta rubuta rahoto shafi biyu. A mayar musu kafin ƙarfe goma sha biyun ranar Litinin. A ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa duk mai uzuri ya amsa wannan imel ɗin kafin wa'adin ya cika.

Tana fitowa daga banɗakin, murmushin bai gama barin fuskarta ba, sai ga shugabanta Mista Tobi yana nemanta. Waɗanda suka ba kamfanin aiki sun matso da rana, in ji shi. Gobe da asuba za ta ɗauki mutum takwas zuwa ƙauyukan bayan Garam, kwana huɗu, sai Litinin da yamma su dawo.

Kai, duniya! Wata biyu tana zaune tana kaɗa ƙafa ba wanda ya aike ta ko bakin ƙofa, sai yau.

Ta san aikin daji sarai. Da rana tana bin ma'aikata gona gona, da yamma tana duba kowace takarda da suka cika, wuta babu, netwok sai an hau tudu. Ba ta yadda za a yi mutum ya tsefe layi dubu huɗu a haka. Ba kuma za ta iya ce wa Mista Tobi ya tura wani ba, don sai ya tambayi dalili, dalilin kuwa ba na faɗa ba ne. Sai ta koma kujerarta ta rubuta amsa gajera: tana godiya, aiki ya tura ta ƙauye daga Juma'a zuwa Litinin, tana roƙon a ƙara mata kwana biyu zuwa Laraba. Ta karanta, ta gyara, ta ɗora yatsa a kan wurin turawa. Sai ta ce bari dai ta nuna wa Yaya Siddiq tukuna.

Yaya Siddiq ɗan yayar Innarta ne, gidajensu a jere a Kurmin Sarki. Shi ya raka ta makarantar sakandare ranar farko, shi ya tsaya a kan hidimar bikinta, kuma shekara biyar ke nan a motarsa take zuwa Abuja ta dawo, ko sau ɗaya bai taɓa barin ta a titi ba. Abin da ya fi wannan, a ƙungiyar nan yake aiki, a sashen motoci da sayayya. Wa za ta tambaya in ba shi ba?

Suna cikin gosulon Madalla, masu agwaluma da ruwan leda suna ta bugun gilashi, ta karanta masa abin da ta rubuta. Ya saurara yana kallon bayan tirelar da ke gabansu.

"Kin tura?"

"A'a, Yaya. Na ce sai ka gani."

"Alhamdu lillahi. Allah ya so ki." Ya girgiza kai. "Sakina, ke da wayonki? Mutanen nan gwada ku suke yi. Ba a ɗauke ki ba tukuna, kin fara kawo uzuri a rubuce? Takardar nan cikin fayil ɗinki za ta zauna. Ranar da za su zaɓa, ita za su fara gani: wannan ba ta iya cika lokaci ba."

"Amma su suka ce mai uzuri ya rubuto."

"Su suka ce! Ke kin san su ne, ko ni da na shekara tara a ciki? Ki bar min. Madam Philomena mai ɗaukar ma'aikata mutuniyata ce, kullum ni ke ba ta mota. Gobe da safe zan shiga ofishinta in yi mata magana baki da baki. Abin da baki ya gyara, takarda ba ta gyara shi."

Maganar ta zauna mata daram. Ai haka aka saba: mai ɗan'uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Wane mai hankali ne zai bar nasa a ciki ya je yana aika wa baƙi wasiƙa? Ta rufe wayar tana jin kamar an sauke mata tulu daga ka.

Washegari, ana gab da tafiya masallacin Juma'a, tana tsaye a bakin wata gonar doya da taɓo har idon sawu, wayarta ta kamo ɗan netwok ta yi ƙara.

"An gama," in ji Yaya Siddiq. "An ba ki har Laraba, ƙarfe goma sha biyu. Ki yi aikinki hankali kwance."

"Kai, Yaya! Allah ya saka da alheri, Allah ya raya zuri'a."

"Ba komai. Kar dai ki rubuta musu komai, kar ki ɓata min shiri."

Gaskiya ita ce a daidai lokacin nan wani abu ya ɗarsu a ranta. Ita fa ma'aikaciyar bayanai ce. Ita ce kullum take ce wa ma'aikatanta abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Ta buɗe baki za ta ce, Yaya, ko Madam ɗin za ta turo min layi ɗaya? Sai kunya ta riƙe mata harshe. Ta yaya za a ce babba ya taka ya je ya roƙa maka alfarma, kai kuma ka ce ya kawo shaida? Ai ka ce masa maƙaryaci ke nan. Ta haɗiye maganar ta koma wurin ma'aikatanta.

Kwana huɗun nan ta sha wuya, amma da daɗin rai ta sha. Ruwa ya dake su sau biyu. Wani mai unguwa ya hana su shiga sai da ta zauna ta yi masa bayani awa guda. Duk da haka in ta tuna Laraba sai ta ji ƙarfi. Litinin da sha biyun rana ta yi mata a ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa, tana cin gyaɗa da ma'aikatanta, har ta dubi agogo ta ce a ranta, Allah sarki, da yanzu ina can hankali a tashe.

Talata aka ba su hutu. Tun da ta idar da sallar asuba ta baje a tsakar ɗaki, mijinta ya ja mata janareto kafin ya fita, Inna ta zo ta kwashe yaran. Ta bi fayil ɗin nan layi layi. Ta gano asibitin da aka rubuta sunansa iri uku, ta gano mata masu shekara ɗari biyu, ta gano watan da aka maimaita gaba ɗaya don a ga ko za ta lura. Tana yi tana dariya ita kaɗai, tana cewa ni za ku yi wa wannan? Laraba da ƙarfe goma na safe, daga teburinta na ofis, ta tura. A rayuwarta ba ta taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma ta sani.

Amsa ta zo ƙarfe biyu. Layi uku. Suna godiya, amma aikinta ya iso bayan wa'adin Litinin, don haka ba za a duba shi ba. Suna yi mata fatan alheri.

Ta fita barandar ofis, ta kira lambar da ke ƙasan saƙon. Matar da ta ɗauka ta fara da Turanci, da ta ji yadda muryar Sakinatu ke karkarwa sai ta juya zuwa Hausarta ta mutanen Kafanchan.

"Ni ce Philomena. Yi a hankali, 'yar'uwa. Wa ya ce an ba ki har Laraba?"

"An... an yi miki magana ranar Juma'a. Wani ma'aikacinku."

"Ba wanda ya yi min magana. Kuma ko an yi, ba na ƙara lokaci da baki. Mutum uku sun rubuto sun ce aiki ya riƙe su, dukansu na ba su kwana biyu a take. Ba laifi ba ne, kowa ya san masu neman aikin nan suna da wani aikin a hannu. Me ya hana ki rubuto?"

Sakinatu ta jingina da bango.

"Ki saurare ni," in ji Madam Philomena. "Ni ba ni da ikon buɗe miki. Amma in da gaske ma'aikacinmu ne ya gaya miki haka, to laifin ya shafe mu. Ki rubuto min abin da ya faru, da sunansa, da ranar da ya kira ki, kafin ƙarfe huɗu gobe, don a lokacin kwamiti zai zauna ya fitar da mutum ukun da za a kira intabiyu. Zan kai musu. Ban yi miki alkawari ba, amma na ga sun taɓa karɓar irin wannan. In babu suna, ba abin da zan kai."

Ran nan Yaya Siddiq ya aiko cewa yana da aiki har yamma, ta hau ta haya. Bayan magariba ta same shi a ƙofar gida, a kan tabarma, yana jan carbi. Tana gama faɗa ya dafe kai.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ta ce ban yi mata magana ba? Philomena? A bakin ƙofar ofishinta fa muka tsaya, ta ce ba matsala. Ta manta ne, yanzu kuma tana tsoron a ce ta yi abu ba a rubuce ba, shi ne za ta juye min."

"To Yaya, in na rubuta yadda aka yi, ai sai a gane."

Ya ɗago ya dube ta, idanunsa sun kaɗa. "Ki rubuta sunana? Sakina, kin san dokar wurin nan? Ma'aikaci ya sa baki a ɗaukar aiki, kora ce. Ita za ta musa, ni ba ni da shaida. 'Ya'ya biyar gare ni. Don na taimake ki, shi ke nan sai ki..." Ya share ido da hannun riga. "Amma ba komai. In kin ga shi ne daidai, ki rubuta. Ni na jawo wa kaina."

Inna, wadda ta biyo bayanta tana tsaye a soro, ta ce, "Ke Sakinatu, kar in ji, kar in gani. Ɗan'uwanki ya zubar da girmansa ya je roƙo dominki, sakayyar ke nan? Aiki rabo ne. Zumunci kuwa in ya tsage ba tela."

"Ki ba ni gobe," in ji Yaya Siddiq. "Zan same ta mu yi ta a tsakaninmu. In sha Allahu za a duba aikinki."

Alhamis ta yi ta kallon agogon bangon ofis. Ƙarfe ɗaya ta kira shi, ya ce yana kai. Ƙarfe uku ta kira, bai ɗauka ba. Uku da rabi ta buɗe imel, ta rubuta gaisuwa, ta rubuta kwanan wata, ta zo wurin suna. Sai ta tuna 'ya'yansa biyar, ta tuna ƙaramar da aka sa wa sunanta. Ta goge. Ƙarfe huɗu ta wuce kamar kowace ƙarfe huɗu. Ta yi kuka a banɗaki, amma a ƙasan kukan akwai wani ɗan sanyi: ta rasa aiki, ba ta ci amanar ɗan'uwanta ba. Haushinta duk a kan Madam Philomena yake, matar da ta yi alkawari ta musa.

Da yamma Yaya Siddiq ya ce mata ya yi iya yinsa, matar ta kafe. Ya ƙara da cewa motarsa za ta shiga gareji, mako mai zuwa sai dai ta yi haƙuri ta bi ta haya.

Litinin da sassafe tana zaune a bayan wata tsohuwar mota a tasha, ana jiran mutum ɗaya, sai ga wani saurayi ya shigo da farar shadda mai kari, da ambulan a hannu, yana ƙamshin turare. Nuraddeen ne, ƙanin matar Yaya Siddiq, wanda ke zaune a unguwar Hashimi yana aiki a wani shagon gyaran kwamfuta.

"Anti Sakina! Ina kwana? Kai, Allah ne ya haɗa ni da ke yau."

"Lafiya lau, Nura. Wannan kwalliya fa? Ɗaurin aure da Litinin?"

Ya yi dariya, ya rage murya. "Intabiyu, Anti. A wurin aikin su Yaya Siddiq. Ya ce kar in faɗa wa kowa sai ta tabbata, amma ai ke ta gida ce. Shi ya ma ce kar mu tafi a motarsa, kar a gan mu tare a bakin get."

"Motarsa ba tana gareji ba?"

"Wane gareji? Yanzu ya wuce ni a hanya." Mota ta tashi. Yaron nan bakinsa bai san ya tsaya ba. "Aikin bayanai ne, irin naki. Wallahi gwajin da suka ba mu ya kusa kashe ni, layi dubu huɗu! Ga shago, Asabar da Lahadi ne kasuwarmu. Na ce ni na haƙura. Yaya ne ya zo har gida ran Alhamis bayan isha'i, ya ce in rubuta musu in nemi ƙarin kwana biyu. Na ce ba za su ga kasawata ba? Ya ce sam, a wurin nan komai a rubuce ake yi, wanda ya rubuta ana ba shi, maganar baki ce ba ta da daraja. A gabansa na tura. Kafin Juma'a da hantsi sun amsa, har Laraba."

Ran Alhamis ɗin da Sakinatu ta karanta wa Yaya Siddiq saƙonta. Wato ya sauke ta a ƙofar gida, ta yi masa godiya, ya juya kan mota ya nufi Hashimi.

"Anti, don Allah, in sun tambaye ni yadda ake gane an maimaita bayanai, me zan ce? Ke ce gwana."

Ta dube shi. Ba shi da laifi, ko kusa bai san komai ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo, don ba ta da wanda za ta shaƙe. Da suka iso Zuba ta ce wa direba ya tsaya, ta sauka, Nuraddeen yana leƙowa ta taga yana tambayar ko lafiya.

A gefen titi, cikin hayaƙin motoci da ihun 'yan kamasho, ta kira. Sai a kira na uku ya ɗauka.

"Yaya, mota ɗaya muka shiga da Nura."

Tana jin rediyon motarsa yana magana.

"Ka taɓa shiga ofishin matar nan kuwa?"

Ya ja numfashi. Da ya yi magana, muryar ba ta mai jin kunya ba ce, ta mai yi wa yaro bayani ce.

"Sakina, ki fahimce ni. Gurbi ɗaya ne. Da aikinki ya shiga, wa zai kalli na Nura? Ke kin iya, ko'ina kika je za a ɗauke ki, ga mijinki yana kawowa. Shi yaron nan fa? Shekara uku yana zaune a shago, yayarsa kullum tana min kuka a ɗaki. Ai duk gida ɗaya ne. In ya samu, mu duka muka samu."

"Ka yi min hawaye, Yaya. A gaban Inna."

"To da me kike so in yi? In bari ki rubuta sunana?"

Nan ne abin ya gama shigarta. Ba sau ɗaya ya yanke ta ba, sau biyu ne, kuma na biyun da hannunta ya sa ta riƙe wuƙar. Ya san ba za ta nemi shaida a wurinsa ba, ya san ba za ta ba da sunansa ba. Da biyayyarta ya yi lissafi tun daga Madalla.

"Allah ya isa," ta ce. Ba ta taɓa faɗa wa wani babba wannan kalmar ba, kuma ta yi mamakin yadda ta fito mata ba gargada.

"Ni kike ja wa Allah ya isa? A kan aiki?"

Ta kashe wayar. Ba ta tsaya tunani ba ta kira Madam Philomena, ta faɗi sunanta, ta ce yanzu a shirye take ta rubuta komai, da suna da rana da lokaci.

"Ki rubuto," in ji matar. "Zan kai maganar sama, za a bincike shi. Amma gara in gaya miki gaskiya, ba zai dawo miki da gurbin ba. Kwamiti ya rufe tun Alhamis, mutum ukun suna hanya yanzu haka." Sai ta sassauta murya. "Na buɗe aikinki, ko da yake bai kamata ba. Ke kaɗai kika gano watan da muka maimaita. Na riƙe kwamitin har ƙarfe biyar saura kwata ina jiran saƙonki, 'yar'uwa. Wa kike karewa haka?"

Sakinatu ta buɗe baki, ta ga ba ta ma san da wane suna za ta kira shi ba yanzu.

"Yayana ne," ta ce.